Kennen ko wissen: yadda Bahaushe zai zaɓi "sani" a Jamusanci

Bahaushe yana cewa "na san Musa", yana kuma cewa "na san ya tafi kasuwa", duka da kalma ɗaya. Jamusanci bai yarda da haka ba. Sanin Musa *kennen* ne, sanin ya tafi kasuwa *wissen* ne: *Ich kenne Musa*, amma *Ich weiß, dass er zum Markt gegangen ist*. Idan aka musanya su za a gane abin da mutum yake nufi, sai dai kunnen Bajamushe zai ji tuntuɓen nan take, mai gyaran takardar jarrabawa kuma zai ja layi a ƙarƙashinsa.

Bayanin da aka fi yi wa masu koyo shi ne *kennen* na mutane da wurare ne, *wissen* kuma na labari da bayani. Gaskiya ne, amma ba ya fitar da mutum a tsakiyar hira, domin kafin ka gama tunanin ko "hanya" wuri ce ko bayani, wanda kake magana da shi ya wuce gaba. Abin da ya fi aiki shi ne ka bar ma'ana tukuna, ka dubi siffar abin da zai biyo bayan aikatau ɗin. Yawancin lokaci siffar kaɗai ta isa ta yanke hukunci.

Da farko a ware "iya" da "ji"

Kafin a zo kan kalmomin biyu, akwai ta uku da take shiga tsakaninsu, wato *können*. Duk inda Hausa za ta ce "iya", Jamusanci *können* zai ce. Na iya tuƙi: *Ich kann Auto fahren*. Ta iya girki: *Sie kann kochen*. Harshe ma nan yake shiga. "Ina jin Jamusanci" ko "na iya Jamusanci" shi ne *Ich kann Deutsch*, ba a ko buƙatar ƙara *sprechen*. *Ich weiß Deutsch* kuskure ne tsantsa. Wanda ya haddace sura ko waƙa shi ma iyawa ya yi: *Er kann das Gedicht auswendig*.

A nan Bahaushe ya fi wasu sa'a, don harshensa ya riga ya raba sani da iyawa. Masu karatu a Nijar, Kamaru da Chadi da suka yi makaranta da Faransanci suna da wata sa'ar a kai: *connaître* ya yi kusa da *kennen*, *savoir* kuma da *wissen*. Sai dai a kula, Faransanci yana cewa *je sais nager*, Jamusanci kuwa *ich kann schwimmen*. Duk inda *savoir* yake nufin ƙwarewa a aiki, a koma *können*.

Mataki na ɗaya: me zai biyo baya?

*Kennen* yana son suna, ko wakilin suna da yake tsaye a madadinsa. Mutum, gari, littafi, waƙa, abinci, doka, duk abin da za ka iya haɗuwa da shi har ka saba: *Ich kenne Hamburg. Kennst du das Lied? Wir kennen die Regeln.* Wannan aikatau ba ya zama shi kaɗai. Ba a cewa *Ich kenne* a yi shiru, kamar yadda ba a cewa "na san" a yi shiru. Dole a faɗi wa ko me aka sani.

*Wissen* kuwa ganga yake so, wato ƙaramar jimla mai aikatau nata na kanta. Wannan ganga tana farawa da *dass* (cewa), ko *ob* (ko), ko ɗaya daga kalmomin tambaya: *wer, was, wo, wann, wie, warum*. Misali: *Ich weiß, dass sie krank ist. Weißt du, ob der Zug pünktlich kommt? Er weiß nicht, wann der Kurs beginnt.* Haka kuma *wissen* yana iya tsayawa shi kaɗai. Idan aka gaya maka abin da ka riga ka ji, ka ce *Ich weiß*, wato "na sani". Idan aka tambaye ka abin da ba ka da amsarsa, *Ich weiß nicht* ko *Ich weiß es nicht*. Hausa ta ba ka ma'auni mai sauƙi a nan: duk inda bakinka zai faɗi cikakken "sani" ba tare da komai ya biyo ba, *wissen* ne.

Kowanne daga cikinsu yana zuwa da aikin da yake ɗora maka. Sunan da ya biyo *kennen* karɓau ne, don haka yana shiga yanayin da littattafan nahawu suke kira *Akkusativ*. A jinsin namiji ne kawai ake ganin canjin ƙarara: *der* ya koma *den*, *ein* ya koma *einen*, *er* ya koma *ihn*. *Kennst du den Lehrer? Ja, ich kenne ihn.* Wanda ya ce *Kennst du der Lehrer* ya zaɓi aikatau daidai amma ya faɗi a ƙofar gida. Tambaya ma haka take: *Wen kennst du hier?*, da *wen*, ba *wer* ba.

Aikin *wissen* kuma na jeri ne. Waƙafi kafin gangar wajibi ne a rubutu, kuma aikatau na cikin gangar yana komawa can ƙarshe. Tambaya kai tsaye ita ce *Wo wohnt er?* Da zarar ta shiga ƙarƙashin *wissen* sai ta zama *Ich weiß, wo er wohnt*. Mai koyo yakan ɗauko tambayar ɗungurungum ya manna, ya ce *Ich weiß nicht, wo wohnt er*, kuma wannan yana cikin kurakuran da suka fi daɗewa a bakin mutane. Wani kuskuren shi ne sa *wenn* a wurin *ob*. Hausa ta raba su sarai, sai a bi ta: "ko" shi ne *ob*, "idan" shi ne *wenn*. Ban san ko zai zo ba: *Ich weiß nicht, ob er kommt*.

Mataki na biyu: tarkon "wanda", "inda" da "abin da"

Nan ne ya kamata Bahaushe ya fi zama ya natsu, domin wannan matsala daga harshenmu take fitowa, kuma littattafan da aka rubuta don wasu mutane ba za su faɗe ta ba.

Idan muna ba da labarin tambaya a Hausa, ba kasafai muke barin kalmar tambayar yadda take ba. "Ina yake zaune?" yakan koma "na san inda yake zaune". "Me kake so?" ya koma "na san abin da kake so". "Yaushe za su zo?" ya koma "na san lokacin da za su zo". "Me ya sa?" ya koma "na san dalilin da ya sa". Duba kalmomin: wuri, abu, lokaci, dalili. Duk sun yi kama da suna. Mai koyon da aka ce masa "idan suna ne ya biyo baya ka sa *kennen*" sai ya miƙa hannu ya ɗauko *kennen*, ya ce *Ich kenne, wo er wohnt*, abin da Jamusanci ba ya karɓa ko kaɗan.

Maganinsa shi ne ka mayar da maganar tambaya. Idan abin da ka sani amsar wata tambaya ce, *wissen* ne, kuma kalmar tambayar ce za ta buɗe gangar. "Inda" ya zama *wo* ko *wohin*, "abin da" ya zama *was*, "lokacin da" ya zama *wann*, "yadda" ya zama *wie*, "dalilin da ya sa" ya zama *warum*. Na san abin da kake so: *Ich weiß, was du willst*. Ba ta san yadda ake cike takardar ba: *Sie weiß nicht, wie man das Formular ausfüllt*.

"Wanda" shi ne mai fuska biyu. Ɗauki wannan jimla: "Na san wanda ya kira ka." A Hausa tana iya nufin abu biyu, kuma yanayin hira ne yake bambanta su. Na farko, ka san amsar tambayar "wa ya kira?", ko da kai da mai kiran ba ku taɓa gaisawa ba. Wannan shi ne *Ich weiß, wer dich angerufen hat*. Na biyu, mutumin da ya kira ɗin kun san juna, ka san gidansu, ka san halinsa. Wannan shi ne *Ich kenne den Mann, der dich angerufen hat*. A jimla ta biyu ma akwai waƙafi da ganga, kuma shi ne yake ruɗa mutane. Amma gangar ba ta rataye a jikin aikatau ba, tana bayanin *den Mann* ne kawai. Idan ka yanke ta, *Ich kenne den Mann* yana nan a tsaye, cikakke. Idan ka yanke gangar jimla ta farko, abin da aka sani ya tafi gaba ɗaya. Wannan gwajin yankewa yana aiki kusan a ko'ina: idan akwai suna tsakanin aikatau da waƙafi, kuma shi ne abin da aka sani, *kennen* ne.

Bambancin ba na ado ba ne. A ce an yi sata a unguwa, 'yan sanda suna tambaya. *Ich weiß, wer das getan hat* magana ce ta shaida, wanda ya gani ko ya ji. *Ich kenne den Mann, der das getan hat* ta ƙara wani abu, cewa akwai sanayya tsakaninka da shi, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce *Woher kennen Sie ihn?*, a ina ka san shi.

Mataki na uku: ƙananan kalmomi

Akwai 'yan kalmomi da suke tsayawa a madadin bayani gaba ɗaya, kuma *wissen* yana ɗaukarsu kai tsaye: *das, es, etwas, nichts, alles, viel, wenig, mehr*. *Er weiß viel. Ich weiß nichts. Sie weiß alles.* Idan kana son faɗin a kan me sanin yake, sai ka ƙara *über*: *Ich weiß viel über ihn, aber ich kenne ihn nicht*, na san abubuwa da yawa a kansa amma ban san shi ba. Wannan jimla ta cancanci a haddace ta, don ta ajiye kalmomin biyu kafaɗa da kafaɗa.

*Das* yana tafiya da kowanne, ma'anar ce take canzawa. Abokin aikinka ya ce gobe ofis a rufe yake, ka ce *Das weiß ich*: labarin ya iso ka. Ya ce ya kwana bai yi barci ba saboda kukan jariri, ka ce *Das kenne ich*: kai ma ka taɓa shiga wannan hali, ka san zafinsa. Idan ka amsa masa da *Das weiß ich* a nan, ka ce masa ne ka riga ka ji labarin, kuma zai iya jin kamar ka gaji da ƙorafinsa. Mai neman ya nuna tausayi sai ya riƙe *Das kenne ich* da kyau.

Sai kuma "san da". Hausa tana bambanta "na san shi" da "na san da shi", "na san maganar" da "na san da maganar". Wanda ya san da abu ya san akwai shi, labarinsa ya zo masa, ba lallai ya taɓa ganinsa ba. Jamusanci yana faɗin wannan da *wissen von*: *Weißt du von dem Unfall?*, ka san da haɗarin? *Davon weiß ich nichts*, ban san da wannan ba. Idan kuma an riga an sanar da mutum abin da ake ciki, ana cewa *Er weiß Bescheid*, wato yana sane.

Mataki na huɗu: sunayen da suke karɓar duka biyun

Ba kowane suna ne yake ƙin *wissen* ba. Akwai wasu 'yan sunaye da a cikinsu tambaya ce a dunƙule: *die Antwort, der Name, die Adresse, die Telefonnummer, der Weg, die Lösung, der Grund*. Sanin sunan mutum shi ne sanin amsar "yaya sunansa?", shi ya sa ake jin *Ich weiß seinen Namen* ana kuma jin *Ich kenne seinen Namen*, duka daidai.

Akwai ɗan bambanci ga mai kunne. *Wissen* yana nuna bayanin yana kanka yanzu, za ka iya fito da shi. *Kennen* yana nuna ka saba da abin. *Ich weiß den Weg* na wanda zai iya kwatanta hanyar ne, *Ich kenne den Weg* ya fi karkata ga wanda ya sha bin ta. A kalmar *Wort* bambancin ya fi fitowa: *Ich kenne das Wort nicht* na nufin ban taɓa cin karo da kalmar ba, *Ich weiß das Wort nicht mehr* na nufin na san ta amma ta kwanta mini.

Shawararmu ga wanda bai kai matakin B1 ba, wato matsakaicin matakin koyon harshe, ita ce kada ya ɓata lokaci a nan. Idan suna ne, ya sa *kennen*, da wuya ya yi kuskure. Idan ransa ya fi kwanciya da *wissen*, ya warware sunan ya mayar da shi ganga: maimakon *den Namen*, ya ce *Ich weiß, wie er heißt*, maimakon neman yadda zai ce "ka san lokaci?", ya ce *Weißt du, wie spät es ist?*, wanda shi ne ma yadda aka fi tambaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ba *wissen* mutum, gari ko littafi kai tsaye. *Ich weiß ihn* da *Ich weiß Berlin* ba Jamusanci ba ne.

Siffofin aikatau, da inda baki yake zamewa

*Kennen* a lokacin yanzu ba shi da rikici: *ich kenne, du kennst, er kennt, wir kennen, ihr kennt, sie kennen*. A shuɗaɗɗen lokaci ne wasalinsa yake canzawa: *ich kannte, ich habe gekannt*. *Wissen* kuwa tun daga lokacin yanzu yake sauya kama: *ich weiß, du weißt, er weiß, wir wissen, ihr wisst, sie wissen*. A lura *ich* da *er* siffarsu ɗaya, babu *e* babu *t* a ƙarshe, kamar dai *ich kann, er kann*. *Er weißt* kuskure ne da ake yawan gani a rubutu. Shuɗaɗɗensa *ich wusste, ich habe gewusst*.

Harafin *ß* yana zuwa bayan dogon wasali ko tagwan wasali, *ss* kuma bayan gajere, shi ya sa *weiß* amma *wusste*. Tsofaffin littattafan da aka buga kafin gyaran ƙa'idar rubutu na 1996 suna rubuta *wußte* da *gewußt*, kada wannan ya ruɗa ka. A Suwizalan ba a amfani da *ß* sam, *weiss* suke rubutawa.

Wajen furuci abu biyu ne suke kama Bahaushe. Harafin *w* na Jamusanci ba irin na "wata" ba ne: ana ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a bar murya ta fito. Na biyu kuma ya fi haɗari, domin yana canza ma'ana. Hausa ba ta da wasalin *ö*, don haka *können* yakan fito daga bakinmu kamar *kennen*, sai *wir können* da *wir kennen* su zama abu ɗaya. Yadda ake samun *ö* shi ne ka furta "e", ka bar harshenka inda yake, ka zumɓura leɓe kamar za ka ce "o". A shuɗaɗɗen lokaci kuma harafi ɗaya ne tsakanin *kannte* (ya san) da *konnte* (ya iya). Ga shi kuma *kann* da *kannte* sun yi kama kamar 'yan gida ɗaya, alhali *kann* na *können* ne, *kannte* na *kennen*.

Batun lokaci ma yana da nasa tarko. "Na san" a Hausa yana da siffar abin da ya riga ya faru, irin ta "na ci" da "na tafi", amma ma'anarsa ta yanzu ce. Mai fassarawa a zuci yakan ce *ich habe gewusst* alhali *ich weiß* yake nufi. Haka "ban sani ba" tana ɗaukar lokaci biyu: idan har yanzu ba ka sani ba, *Ich weiß es nicht*, idan yanzu ne aka gaya maka kana mamaki, *Das wusste ich nicht*. "Mun san juna shekara goma ke nan" yana zama a lokacin yanzu tare da *seit*, saboda sanayyar ba ta yanke ba: *Wir kennen uns seit zehn Jahren*. Idan ka ce *Ich habe ihn gekannt* ko *Ich kannte ihn*, mai sauraro zai iya ɗauka mutumin ya rasu ko kun daɗe da rabuwa. "Da na sani" kuma, wadda Hausa ta ce ƙeya ce, ita ce *Wenn ich das gewusst hätte*.

Waɗannan aikatau biyu duk halin da ake ciki suke nunawa, ba sa faɗin lokacin da sanin ya fara. Fara sanin mutum *kennenlernen* ne: a Kano na san ta, *Ich habe sie in Kano kennengelernt*. Fara sanin labari *erfahren* ne: jiya na sani, *Ich habe es gestern erfahren*. Gane mutum da fuska ko murya kuwa *erkennen* ne: ban gane ki ba, *Ich habe dich nicht erkannt*.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce wata mata ta sauka a Hamburg ba da daɗewa ba, ɗanta ba shi da lafiya, tana son ta tambayi maƙwabciyarta, dattijuwa Bajamushiya. Ga abin da yake ranta da Hausa:

"Ban san garin nan ba tukuna. Kin san wani likitan yara a kusa? Na san da wani ƙaramin asibiti kusa da tashar jirgin ƙasa, amma ban san ko suna duba yara ba. Na san wata mata da take aiki a can, sanin shanu dai, sunanta ma ya kwanta mini. Ban san yadda ake zuwa wurin ba. Jamusanci kuma kaɗan nake ji."

Tunda dattijuwa ce kuma ba su saba ba, *Sie* za ta yi amfani da shi, ba *du* ba.

Jimla ta farko, abin da ya biyo baya gari ne, suna tsantsa: *Ich kenne die Stadt noch nicht*. Idan abin da take nufi shi ne ba ta san lungu da saƙo ba, akwai wanda ya fi dacewa, *sich auskennen*: *Ich kenne mich hier noch nicht aus*. Wannan aikatau yana rabewa, *aus* ya tafi ƙarshe.

Ta biyu, likita mutum ne, kuma kalmar *Kinderarzt* jinsin namiji ce, don haka *einen*: *Kennen Sie einen Kinderarzt in der Nähe?* Da tana son ta juya ta zuwa tambayar wuri, aikatau ɗin zai canza tare da ita: *Wissen Sie, wo es hier einen Kinderarzt gibt?* Duka biyun suna kai ta inda take so. Ta farko ta fi neman shawarar wanda ya gwada, ta biyu adireshi kawai take nema.

Ta uku tana da "san da" sannan "ko". Ƙaramin wurin da likita yake ganin marasa lafiya *Praxis* ake ce masa, babban asibiti kuma *Krankenhaus*. Sai ta ce: *Ich weiß von einer Praxis am Bahnhof, aber ich weiß nicht, ob man dort Kinder behandelt*. Da ta ce *Ich kenne eine Praxis*, maƙwabciyar za ta ɗauka ta taɓa zuwa, sai ta yi mamakin abin da ya sa take tambaya.

Ta huɗu ita ce mai tarko. "Matar da take aiki a can" tana da ganga, amma a yanke gangar a gani: "na san wata mata" yana nan a tsaye. Saboda haka *kennen*. Sanin shanu kuma Jamusanci yana da nasa, *vom Sehen kennen*. Sunan da ya kwanta, *nicht mehr wissen* ne: *Ich kenne eine Frau, die dort arbeitet, aber nur vom Sehen, und ihren Namen weiß ich nicht mehr*.

Ta biyar, "yadda" tambaya ce a ɓoye, "yaya ake zuwa?": *Ich weiß nicht, wie man dorthin kommt*, da *kommt* a ƙarshe. Ta shida kuma ba sani ba ce sam: *Ich kann nur ein bisschen Deutsch*.

Amsar da za ta iya ji ita ce irin wannan: *Die Praxis kenne ich, da war ich mit meinem Enkel. Ob man einen Termin braucht, weiß ich nicht. Nicht dass ich wüsste.* A jimlar farko an ciro karɓau an kawo shi gaba don a jaddada, amma har yanzu suna ne, shi ya sa *kenne*. A ta biyu, inda take cewa ba ta san ko sai an nemi lokacin ganin likita ba, gangar ce gaba ɗaya ta zo gaba, sai *weiß* ya biyo waƙafi kai tsaye kafin *ich*, domin gangar ta cinye gurbin farko. *Nicht dass ich wüsste* kuma magana ce dunƙulalliya da ake haddacewa yadda take, ma'anarta "a iya sanina dai a'a". Ɗigo biyun da suke kan *ü* su ne suka raba *wüsste* da *wusste*. *Ich wusste* labarin abin da ya wuce ne, na san a da. *Ich wüsste* kuwa siffar ladabi da zato ce, kuma da ita matar za ta buɗe maganarta idan ta kira asibitin a waya don neman lokacin ganin likita, wanda suke kira *Termin*: *Ich wüsste gern, ob Sie heute noch einen Termin frei haben*.